Takarda ba suna: a karɓa ko a yaga?

Shafi huɗu ne kawai daftarin, amma ya ci mana zama biyar. Wata masana'antar sarrafa shinkafa ce a Kano, mai ma'aikata na dindindin kusan saba'in da 'yan aikin kullum da yawansu ke hawa da sauka gwargwadon shanshera da ta shigo. An sa ni cikin kwamitin da zai rubuta ƙa'idar hana cin zarafi a wurin aiki saboda ina ɗan taɓa rubutu, kuma ana so a yi ta da Hausar da mai ɗinkin buhu za ta gane idan an karanta mata. Sashen farko bai ba mu wahala ba. Taɓa jikin mutum ba da yardarsa ba, maganar batsa, saƙon dare a waya, ɗaure aiki ko ƙarin kuɗi da biyan buƙata, zagi da wulaƙanci a gaban mutane: kowa ya ce haramun ne, a rubuta. Da muka zo kan layi ɗaya a shafi na biyu sai ɗakin ya rabu. Layin yana cewa kamfani zai karɓi ƙorafi ko da mai shi bai sa sunansa ba.

Kafin in kawo hujjar kowane ɓangare, ga abin da ya sa aka kafa kwamitin tun farko. Wata 'yar aikin kullum a sashen ɗinkin buhu ta je wurin Hajiyar da ke kula da harkar ma'aikata ta ce heluman da ke ɗibar mutane a bakin ƙofa ya matsa mata. Yana tura mata saƙo bayan isha, yana tsare ta a lungun sito, ya kuma faɗa mata a fili cewa shigarta aiki kullum a hannunsa take. Hajiya ta kai maganar ga manaja. Manaja, da kyakkyawar niyya a ganina, ya kira su biyun ofis guda, ya yi wa heluma faɗa, ya ce su yafe wa juna. Ba a kore ta ba. Sati biyu bayan haka dai ta zo ta tsaya a layi da safe, heluma ya ƙirga mutanen da yake so, ya ce an cika. Washegari haka, jibi haka. A rana ta biyar ba ta zo ba. Babu takardar sallama, babu tuhuma, babu abin da za ka ɗauka ka nuna wa wani ka ce ga zalunci. Matan sashen duka sun ga abin da ya faru, sun kuma ɗauki darasi.

Daga nan masu goyon bayan layin suka taso. Hajiya ce jagorarsu, kuma ita ta fi kowa sanin aikin. Hujjarta ita ce, wanda ya ga yadda aka yi da waccan ba zai sake kawo sunansa ba, don haka zaɓin da ke gaban kamfani shi ne ya ji labari ba suna ko kuma kar ya ji komai. Ta ƙara da abin da duk wanda ya tashi a cikinmu ya sani: macen da ta ce an neme ta ba heluma kaɗai take tsoro ba. Tana tsoron miji ya ji ya ce ta zauna a gida, tana tsoron unguwa ta ce ai in ɓera da sata daddawa ma da wari, budurwa kuma tana tsoron maganar ta riga ta isa gidan surukai. Namiji ma da ake ci wa mutunci kunya ce ke rufe masa baki, kada a ce rago ne. Hajiya ta ce ita kanta ta sha jin abubuwa a masallacin mata waɗanda ba wadda za ta yarda ta maimaita su a ofis.

Lauyar da kamfani ya gayyato ta mara mata baya ta fuskar doka, kodayake ba ta tafi da ita har ƙarshe ba. Ta tuna mana cewa Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta zartar da Yarjejeniya mai lamba 190 a 2019, Najeriya kuma ta amince da ita a watan Nuwamba na 2022. Yarjejeniyar tana neman masu ɗaukar aiki su samar da manufa tare da shawarar ma'aikata, a samar da hanyar kai ƙara mai aminci, a kuma kare mai ƙara da shaidu daga bi-ta-da-ƙulli. Ba ta tsaya ga masu takardar ɗaukar aiki ba, ta haɗa da masu koyon sana'a, da masu neman aiki, da abin da ya faru a waya ko a hanyar zuwa aiki, kuma sau ɗaya ma ya isa a kira shi cin zarafi. Tsohuwar Dokar Ƙwadago ta Najeriya ba ta ambaci neman mata a wurin aiki ba, amma gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraren irin wannan ƙara. A 2013, a shari'ar Maduka da Microsoft Nigeria, kotun ta ba ma'aikaciyar da aka sallama gaskiya, kuma diyyar ba a kan manajan kaɗai ta faɗa ba, har da kamfanin. Lauyar ta ce wa manaja, "Yallaɓai, ranar da aka je kotu, tambayar da za a yi maka ita ce me ka sani kuma me ka yi. In takarda ta zo ka yaga don ba suna, ka sani ke nan."

Ɗaya ɓangaren ba mutanen banza ba ne, kuma zan daɗe a kansu don an fi saurin yi musu rashin adalci. Babban mai kula da injina, dattijo ne da ya shekara ashirin da wani abu a aikin, ya ce shi ya ga abin da takarda ba suna take yi. A wani wurin da ya taɓa aiki, an jefa wasiƙa a kan wani akawu ana dab da ƙara masa girma. Aka bincika ba a sami komai ba, amma ƙarin girman ya wuce, kuma har ya bar wurin ana nuna shi da baki. Ya ce, "Hajiya, mutumin da aka shafa wa kashin kaji, ko an wanke shi warin yana nan. Wa zai tuhuma? Wa zai kalla a ido ya ce yaushe, a ina?" Wannan magana ce mai nauyi. A masana'anta akwai gaba ta shekara da shekaru a kan obataim, a kan wanda aka ba makullin sito, a kan ɗan garin wane aka ɗauka. Akwatin da ba a tambayar suna zai iya zama wurin zubar da duk wannan. Kuma wanda ake zargi yana da haƙƙin ya san abin da aka ce ya yi, ya kuma kare kansa. Kotun da take hukunta kamfani don ya yi shiru ita ce dai take duba ko an saurari ma'aikaci kafin a kore shi da sunan aikata laifi.

Akwai hujja ta biyu a wannan ɓangaren wadda ba dattijon ne ya kawo ta ba, lauyar ce da kanta. Ƙorafi ba suna ba ya kare mai shi yadda ake zato. A sashen da mata goma sha biyu ke aiki, in takarda ta ce "ranar Laraba a bayan sito", heluma ya san ko wace ce kafin kwamiti ya gama karantawa. Ya san ta, kamfani bai san ta ba, don haka shi zai iya rama, kamfani kuma ba shi da sunan da zai sa wa ido. An gudu ba a tsira ba. Indiya, wadda ta yi doka ta musamman a kan wannan a 2013, ta gina tsarinta ne a kan ƙara a rubuce daga wadda abin ya shafa, ta kuma ɗora wa kwamiti nauyin rufe asirinta da kammala bincike cikin kwana 90.

Sai kuma wanda ya ɗauki maganar ta wata fuska daban. Shugaban direbobi ya ce shi bai ga amfanin wannan duka ba, tunda addini ya riga ya yanke: wanda ya zargi mutum ya kawo shaidu huɗu ko a yi masa bulala tamanin. Ya yi rabin gaskiya, domin ƙazafi babban abu ne kuma tsoronsa ya kamata ya shiga zuciyar duk mai kai ƙara. Amma limamin masallacin masana'antar, wanda yake cikinmu, ya gyara masa a hankali: shaidu huɗu na tuhumar zina ne da haddinta. Matar da ta ce an taɓa ta, ko an tura mata batsa, ko an ce sai ta ba da kai za ta shiga aiki, ba zina ta jingina wa kowa ba, zalunci ta kawo ƙara. Kwamitin ma'aikata kuma ba ya yanke haddi, iyakarsa gargaɗi ko sauyin wuri ko sallama, bisa ga inda hujja ta fi rinjaye. Direban bai gamsu sosai ba. Ya ce zai tambayi malaminsa, muka ce madalla.

Ni dai, bayan zama na uku, na ga cewa ɓangarorin biyu suna amsa tambayoyi biyu ne daban. Hajiya tana magana a kan yadda labari zai iso. Dattijon yana magana a kan abin da za a hukunta mutum da shi. Da muka raba su sai layin ya zama sakin layi biyu. Na farko: za a karɓi kowane ƙorafi, da suna ko babu, a shigar da shi rajista, a duba. Na biyu: ba za a ba kowa takardar tuhuma ko a hukunta shi bisa takarda ba suna ita kaɗai ba, kuma ba za a sa ta a fayil ɗinsa ba, sai an sami wata hujja mai zaman kanta, kamar saƙon waya, ko rajistar aiki, ko mutumin da ya yarda ya yi magana a gaban kwamiti. Muka kuma saka mataki na tsakiya, wanda a ganina ya fi akwatin amfani: mutum zai iya ba da sunansa ga mai karɓar ƙara shi kaɗai, ba za a bayyana wa wanda ake zargi ba sai an dawo an nemi izinin mai sunan, an kuma gaya masa gaskiya cewa in ya ƙi, binciken na iya tsayawa a nan.

Wata biyu da fara aiki da ƙa'idar muka ga yadda wannan rabon yake a aikace. Aka sami takarda a akwati, da rubutun ajami, tana cewa a duba abin da ke faruwa a sito a aikin dare. Ba sunan mai rubutu, ba sunan wanda ake nufi. Ba a kira kowa ba. Hajiya ta ɗauko jadawalin dare ta ga cewa sau da yawa mace ɗaya ake turawa ɗauko zare da buhu a sito, ƙwan lantarkin lungun kuma ya daɗe da mutuwa. Aka gyara fitila, aka mayar da ajiyar zare cikin sashen, aka ce ba mai zuwa sito shi kaɗai da dare. Ba a ɓata sunan kowa ba, kuma ƙila an hana wani abu. Takarda ta biyu ta fi wuya, don ta ambaci sunan mutum. Aka duba a asirce ba a sami abin kamawa ba, aka rufe. Duk da haka maganar ta fita, ba mu san ta bakin wa ba, har ta kai gidansa. Dattijon ya zo ya tsaya a ƙofar ofis ya ce, "To, ga shi nan." Ban sami abin ce masa ba. Har yau ban san ko mutumin an zalunce shi ba ne ko kuwa ya sha ne.

Ƙofofin kai ƙara ba su jawo gardama mai yawa ba. Mun yi uku, don kar a ba kura ajiyar nama idan mai karɓar ƙarar shi ne ake ƙara ko abokinsa ne: Hajiya, da wakilai biyu da ma'aikata suka zaɓa da kansu, mace da namiji, sai lambar wayar lauyar da ba ma'aikaciyar kamfani ba ce. Ana karɓar ƙara da baki ko da saƙon murya, mai karɓa ya rubuta, ya karanta wa mai ƙara da Hausa, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Akwatin da farko an kafa shi a gaban ofishin manaja, daidai ƙarƙashin kyamara, sai wakiliyar mata ta yi dariya ta ce ko ita ba za ta jefa komai a nan ba. Aka mayar da shi hanyar wurin alwala, da kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun Hajiya ɗaya a hannun wakiliya. Cikin kwana biyu na aiki a sanar da mai ƙara an karɓa, cikin kwana talatin a gama bincike, kowane ɓangare kuma yana da sati biyu ya ɗaukaka.

Inda gardamar ta sake zafi shi ne sashen ramuwar gayya, kuma a nan ne nake ganin ƙa'ida take rayuwa ko ta mutu. Daftarin farko jimla ɗaya ya yi: an haramta ramuwa a kan mai ƙara. Wakiliyar mata ta tambaya, "To waccan da aka daina ɗauka a ƙofa, da wannan jimlar me za ta yi?" Babu. Ramuwa ba ta zuwa da sunanta. Tana zuwa a matsayin an cika, ko an mayar da ke aikin dare, ko babu obataim wannan watan, ko takardar tuhuma a kan lattin minti goma da kowa yake yi ba a taɓa magana ba. Saboda haka muka jera waɗannan da sunayensu, sannan muka sa abubuwa biyu da za a yi a ranar da ƙara ta shigo. A ɗauki hoton halin da mai ƙara yake ciki: kwana nawa ya yi aiki a wata uku da suka wuce, wane lokaci, obataim nawa, akwai tuhuma a fayil ko babu. Sannan a cire hannun wanda ake zargi daga duk wata shawara a kan mai ƙara. Na tsawon wata shida, duk sauyin da zai rage masa kuɗi ko matsayi sai da sa hannun mutum na biyu daga kwamiti, kuma wanda ya kawo sauyin shi zai rubuta dalili. Kariyar ta haɗa da shaidu. In kuma raba su ya zama dole kafin a gama bincike, wanda ake zargi ake matsarwa da cikakken albashinsa, sai in mai ƙara ne ya nemi a matsar da shi.

Manaja ya ƙi wannan da farko, kuma ƙin nasa yana da tushe. Ya ce mun ƙera wa malalaci riga. Duk wanda ya hango takardar tuhuma tana zuwa zai riga ta da ƙara, ya sami wata shida ba mai taɓa shi. Ya kuma ce aikin shinkafa na lokaci ne: idan shanshera ta yi ƙaranci ana rage 'yan kullum da yawa, shin duk wadda ta taɓa kai ƙara ta zama ba a rage ta ke nan? Amsar ta biyun ita ta gyara mana daftarin. Ba da kanta kaɗai za a auna ta ba, da abokan aikinta za a auna. In a da tana samun kwana ashirin a wata kamar sauran, yanzu kowa ya koma goma sha biyu ita ma haka, kasuwa ce. In sauran suna kan goma sha takwas ita tana kan shida, heluma yana da bayanin da zai yi. Ta farkon kuwa, ba a hana hukunta mai ƙara a kan laifinsa ba, an dai ce wani ido na biyu ya gani. Mai latti na gaskiya rajista za ta nuna lattinsa tun kafin ya kai ƙara.

Manaja ya nemi a ƙara cewa duk wanda ƙararsa ba ta tabbata ba a hukunta shi. Wannan kam na tsaya a kan ƙin sa. Yawancin irin wannan abu a lungu yake faruwa, mutum biyu, ba shaida. In rashin tabbatarwa ya zama laifi, an rufe ƙofofin uku da jimla ɗaya. Dokar Indiya ta 2013 tana hukunta ƙarar ƙarya da aka yi da mugun nufi, amma ta fayyace cewa gaza kawo isasshiyar hujja ba ya cikin wannan. Haka muka rubuta: sai an tabbatar mutum ya san ƙarya yake yi, da bincike na daban, sannan a hukunta shi.

Sulhu mun bar masa ƙofa, don ba kowace magana ce take son kwamiti ba, wani lokaci mutum so yake kawai a ce wa wane ya daina. Sharaɗin shi ne mai ƙara ne zai nema, ba za a zaunar da su ɗaki ɗaya ba sai ya yarda, kuma babu sulhu a kan taɓa jiki da ƙarfi ko ɗaure aiki da biyan buƙata. Mun kuma rubuta ƙarara cewa ƙa'idar ba ta hana kowa zuwa wurin 'yan sanda ko Kotun Ma'aikata.

Abu ɗaya ya gagare mu. Wakilin maza ya tambaya, in mai masana'antar ne da kansa, ko ɗansa, wa zai bincika? Lauyar ta waje ce, amma shi yake biyan ta. Ta ce za ta rubuta rahoto ta ba mai ƙara kwafi ya tafi da shi kotu in ya so, iyakar abin da za ta iya alkawari ke nan. Muka rubuta haka, kowa ya san bai isa ba.

Hukuncina a kan layin da ya raba mu shi ne a karɓi takarda ba suna, a duba abin da ta nuna, kar a hukunta kowa da ita kaɗai. Dattijon injina har yanzu yana ganin akwatin ya fi kawo ɓarna, kuma bayan takarda ta biyu ba zan ce masa bai san abin da yake faɗa ba. Mai karatu, in an sa ka rubuta irin wannan a wurin aikinku, kafin ka taɓa alƙalami ka je ka tsaya a bakin ƙofa da safe ka ga wa yake cewa an cika. A tamu masana'antar, yanzu sunayen 'yan kullum daga rajista ake kiran su bi da bi, kuma kwafin rajistar yana zuwa teburin Hajiya duk ranar Asabar.